Rahoton Ayyukan Shekara: Binciken Kayan da Ake Shigowa da Su Waɗanda Za a Iya Yi a Gida

'Yan'uwa mambobi, assalamu alaikum. Babban aikin da taron bara ya ɗora wa kwamitin zartarwa shi ne ya nemo wa ƙungiya sana'ar da za a zuba jarin haɗin gwiwa a cikinta, ta hanyar duba kayan da ake shigowa da su daga waje alhali ana iya yin su a nan.

Mun fara da jerin kaya 41 da Babban Bankin Najeriya ya hana wa canjin kuɗin waje na gwamnati a 2015, wanda ya ƙunshi tsinken sakace, sabulu, baro da tumatirin gwangwani, ko da yake an ɗage wannan hani a watan Oktoban 2023. Daga nan wakilanmu suka zaga shagunan 'yan sari a Kasuwar Singa, suna duba ƙasar da aka rubuta a jikin kwali, suna kuma tambayar abin da ya fi saurin ƙarewa. Kowane kaya muka auna shi da tambayoyi uku: ko ana samun ɗanyensa kusa da mu duk shekara, ko jarinmu zai kai ga injinsa, da kuma ko za mu iya sauke shi a shago a farashin da bai wuce na baƙon kaya ba. Tsinken sakace ya faɗi tun a tambayar farko, domin gorar da ake feƙe shi da ita ba ta wadata a yankinmu ba.

Tumatirin leda da na gwangwani ne ya ci mafi yawan lokacinmu, saboda duk wanda ya ga yadda kwanduna ke ruɓewa a Kadawa da Kura daga Janairu zuwa Afrilu zai ɗauka riba a fili take. Lissafi ya nuna mana ba haka abin yake ba. Ɗanyen tumatir kusan kashi 95 cikin ɗari ruwa ne, don haka sai an ƙafe kilo 6 zuwa 7 kafin a samu kilo ɗaya mai kaurin na gwangwani, wanda zai cika leda 14 kacal masu giram 70. Kuɗin waɗannan ledoji ne zai biya tumatir, makamashi, ledar kanta, dako da ladan ma'aikata. A lokacin kakar tumatir lissafin yana fita, amma da damina ta sauka farashin kwando ya tashi, injin zai tsaya, haya da albashi kuwa ba sa tsayawa. Babbar masana'antar da aka buɗe a Kadawa a 2016 ma ta sha tsayawa saboda ƙarancin ɗanyen tumatir, musamman a shekarar da tsutsa ta cinye gonaki. Mai shigo da markaɗaɗɗe a duro daga ƙasar Sin ba shi da wannan damuwa, domin nasa yana ajiyuwa, yana kuma ɗura leda wata goma sha biyu.

Duk da haka mun yi gwaji, kuma ya dace mambobi su ji yadda ya kaya. Da muka dafa markaɗe a buɗaɗɗiyar tukunya, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, ya kuma yi ƙauri, domin masana'antu suna ƙafe nasu ne a rufaffen kasko da aka zuƙe wa iska, inda ruwa ke tafasa da zafi kaɗan, jan launin bai ƙone ba. Wasu ledojin kuma sun kumbura bayan 'yan kwanaki, alamar cewa ƙwayoyin cuta sun rayu a ciki, ko dai don an ɗura bayan markaɗen ya huce, ko don bakin ledar bai liƙe da kyau ba. Irin wannan kaya ba ma za mu kai wa NAFDAC don neman rajista ba, balle mu sa a tukunyar mutane.

A ganin kwamiti, abin da ya dace da ƙarfinmu shi ne garin busasshen tumatir. Matanmu sun saba da shi a miya, abin da ke kore masu saye kawai shi ne ƙura da yashin shanya a ƙasa. Idan aka yanka shi, aka shanya a kan raga cikin rumfa mai rufin leda mai shigar rana, kusan kilo 15 na ɗanye zai ba da kilo ɗaya busasshe, wanda ke ajiyuwa watanni muddin danshi bai taɓa shi ba. Ta haka za mu saya da araha a rani, mu sayar da damina lokacin da ɗanye ya yi tsada.

Muna neman amincewar wannan taro a gina rumfar shanya guda biyu kafin Janairu, a kuma naɗa mutum uku da za su auna kowane kwando kafin shanya da bayanta, su kawo wa taron tsakiyar shekara ainihin kuɗin da kilo ɗaya ya ci.