Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Jonal Kulob Zuwa Ga Mambobi

Assalamu alaikum iyayenmu matiron-matiron, sistoci da sauran abokan aiki nas-nas da ungozomomi na nan Sakkwato, sannunmu da ƙoƙari. Wanga shi ne rahoton abin da munka yi a zaman jonal kulob na shekarar da ta wuce, wato zaman da mukan yi sau ɗaya a wata mu ɗauko takardar bincike guda daga mujallar likitanci mu karanta ta tare mu ga ko akwai abin da za mu canza a wod. Na rubuta shi da tsawo kaɗan don masu diyutin dare da ba su samun zuwa.

Gaskiya farkon shekara ba mu ji daɗi ba. Zama biyu na farko mai gabatarwa ta tashi ta karanta takarda tun daga sama har ƙasa da Turanci, wajen minti arba'in, ɗaki ya yi tsit, wasu na gyangyaɗi don sun fito diyutin safe ga zafi, da ta gama anka tafa anka watse babu wanda ya yi tambaya ko ɗaya. Laifin ba nata ba ne, namu ne na kwamiti, don mun ce mata ta nemo takarda kawai ba mu gaya mata wace iri ba kuma ba mu ba ta tsari ba. Daga nan ne munka zauna munka gyara.

Abu na farko da munka canza shi ne inda takarda ke fitowa. Yanzu ba a fara da takarda, da tambaya ake farawa, kuma tambayar daga wod za ta fito. Mun aje ƙaramin littafi a teburin nas na kowane wod, duk wadda wani abu ya dame ta a kan aiki ta rubuta, misali kwana nawa ya kamata kanula ta yi a hannu kafin a canza, ko mi ya sa muke gane zubar jini a makare. Mako uku kafin zama mai gabatarwa da wata babba da anka haɗa ta da ita za su zaɓi tambaya guda su raba ta gida huɗu: su wane ne majinyatan, mi ake son a yi masu, da mi za a kwatanta shi, kuma wane sakamako ake dubawa. In tambaya ta ƙi rabuwa haka to ta yi faɗi, sai an rage ta. Sannan a shiga rumbunan takardun bincike na PubMed ko AJOL a waya a nema. Sharuɗɗan da munka sa ba su da yawa, a samu takardar cikakkiya ba taƙaitawar sama kaɗai ba, mutanen da anka yi binciken kansu su yi kama da namu, kuma abin da anka gwada ya zama abin da hannun nas ke taɓawa. Akwai wata takarda mai kyau kan wata na'ura da munka mayar saboda ba mu da na'urar kuma ba mu da ranar samunta, karanta ta ba zai ƙara ma majinyacinmu komai ba.

Zaman kansa minti arba'in da biyar ne, bayan miƙa diyuti na ƙarfe biyu don masu fita da masu shiga su haɗu. Minti biyar na farko labarin abin da ya faru a wod ne wanda ya jawo tambayar, ba tare da suna ko lambar kati ko garin majinyaci ba, wanga kam ba mu wasa da shi don Sakkwato kowa ya san kowa. Minti goma sha biyar mai gabatarwa ta faɗi da bakinta, da Hausa in ta fi sakewa, su wa anka bincika, yaya anka raba su, mi anka samu, kuma ta nuna tebur guda ɗaya tak. Minti goma sha biyar na muhawara, ƙananan ma'aikata ke fara magana kafin manya, don mun lura in matiron ta fara faɗin ra'ayinta shi ke nan babu mai ƙara cewa uffan. Minti goma na ƙarshe a yanke abu guda da za a yi, wa zai yi shi, da ranar da za a dawo da bayani.

Zaman da ya fi kowane armashi shi ne na ɗakin haihuwa, kuma zan tsaya kansa don ya zama misali ga wadda za ta gabatar nan gaba. Tambayar da ke cikin littafi ita ce, mi ya sa sai mace ta fara jiri bugun zuciya ya ƙaru sannan muke cewa tana zubar da jini. Ƙanwarmu da ta karɓi aikin ba ta daɗe da gama makaranta ba, ga abin da ta rubuta wajen nema:

```
postpartum haemorrhage AND early detection AND trial
```

Ta zaɓi binciken E-MOTIVE da ya fito a New England Journal of Medicine a 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000 da sunka haihu da kansu ba tiyata ba, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano na cikin jagororinsa, to kun ga sharaɗin kama da namu ya cika. Asibitocin anka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba matan ɗaya bayan ɗaya ba, kuma ta yi bayanin dalili da kyau, ba zai yiwu ungozoma guda ta yi ma gado na ɗaya sabon tsari ta yi ma gado na biyu tsohon ba, hannunta zai gauraya su. Rabi sunka ci gaba da yadda sunka saba, rabi kuma ana shimfiɗa ma mai jego wata leda mai aljihu da ma'auni da ke tara jinin ana karanta shi, da ya kai mil 500, ko mil 300 tare da wata alama marar kyau, sai a yi komai lokaci guda ba a jira ɗaya ya kasa ba: murza mahaifa, allurar oksitosin, tiranezamik asid, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba in bai tsaya ba.

Kafin ta nuna tebur sai ta yi wani abu da har yau ake maganarsa. Ta zo da tsofaffin zannuwa uku da soɓorodo a jarka, ta riga ta auna ta zuba ma kowane ba mu gani ba, ta baza su ƙasa ta ce kowa ya rubuta mil nawa yake gani. Zanen da ta zuba ma mil 500, wato cikin ledar fiya wata guda, yawancinmu ƙasa da haka munka rubuta, har da mu da munka daɗe a aikin, don atamfa mai duhu ta shanye shi ya zama kamar ɗan jiƙo. Wata babbar sista ta ɗaga zanen ta ji nauyinsa ta yi shiru, can ta ce, "Ɗiyata, sake faɗa min nawa kika zuba." Bayan wannan babu wanda ya yi gyangyaɗi.

Sai tebur. Mummunan sakamako, wato zubar jini da ya kai mil 1,000 ko buɗe ciki saboda jini ko mutuwa saboda jini, ya samu kashi 4.3 cikin 100 a asibitocin da ba su canza ba, da kashi 1.6 a waɗanda sunka bi sabon tsari. Takardar ta ce raguwar kashi 60 cikin 100 ne, kuma gaskiya ne, amma munka ce kowa ya ɗauki biro mu yi lissafin da kanmu. A cire 1.6 daga 4.3 saura 2.7, a raba 100 da 2.7 ya ba da wajen 37. Ma'ana in anka yi ma mata 37 wanga tsari, mace guda ta tsira daga wannan mummunan sakamakon. Ni a ganina wanga lissafi ya fi kashi 60 ɗin amfani gare mu, don kowace ungozoma ta san cikin kwana nawa take karɓar haihuwa 37. Ku riƙa yinsa a duk takardar da ta ba da kashi biyu irin haka. Ta kuma nuna inda anka rubuta 95% CI, wato tazarar da ake kyautata zaton ainihin kwatancen haɗarin rukunan biyu na cikinta, 0.32 zuwa 0.50, ta ce tunda bai taɓa 1 ba, wanda ke nufin babu bambanci, to da wuya a ce dace ne kawai.

Wajen muhawara wani ɗan'uwanmu nas ya ce ke nan tsarin ya rage mutuwa da kashi 60, kuma na ji daɗi da wata ƙarama ce ta gyara shi cikin ladabi, ta ce Yaya ba haka ba ne, abubuwa uku anka haɗa wuri guda kuma mafi yawansu zubar mil 1,000 ne, mace-macen ba su da yawan da za a yanke hukunci kansu su kaɗai. Wata ta ƙara da cewa ba a sa matan da anka yi ma tiyata cikin binciken ba, to kada mu ɗauki lambobin mu kai tiyata. Sannan babbar magana, asibitocin binciken an ba su ledar awo da horo da keken da anka jera magunguna, mu kuwa wani lokaci sai an rubuta ma dangi su je su sayo tiranezamik asid da dare, alhali amfaninsa cikin awa uku na farko bayan haihuwa yake, kuma oksitosin na son firij, wanda ya kwana cikin zafin watan Afrilu ba wuta ba lalle ya yi aiki yadda ake so ba.

Abin da munka yanke ranar guda ne, a haɗa akwatin gaggawa na zubar jini a ɗakin haihuwa, mai karɓar diyuti ta duba shi ta sa hannu kowane shif, oksitosin kuma ya zauna a firij. Ledar awo ba hurumin jonal kulob ba ce, mun rubuta ma shugabanni takarda ta hannun matiron. Kafin ta samu ana auna ƙyallaye da audugar da sunka jiƙe a sikelin jarirai a cire nauyinsu na busassu, giram ɗaya mil ɗaya. Da anka dawo da bayani wata na gaba akwatin na nan, amma sa hannun dare na tsallakewa, sai anka mayar da takardar sa hannun cikin littafin miƙa diyuti, yanzu da sauƙi.

Inda munka gaza kuma zan faɗa. Ba mu zauna cikin azumi ba don ba mu shirya canza lokaci da wuri ba. Wod ɗin maza da na yara ba su gabatar ko sau ɗaya ba, kuma wasu shawarwarin da anka yanke ba a dawo da bayaninsu ba saboda an ce "kowa" zai yi, ba a kama sunan mutum guda ba. Kuɗin da kunka tara ya tafi ga fotokofi da data da ruwan sha, ma'aji zai karanta dalla-dalla a mitin.

Shekara mai zuwa in Allah ya kai mu wod ɗin yara ne zai buɗe, tambayarsu na cikin littafi tun tuni kan kanula da ke kumbura hannun jarirai. Za a turo takardar mako guda kafin zama tare da lambar teburin da za a duba, wadda ba ta samu karanta duka ba ta karanta sashen Methods, wato yadda anka yi binciken, da wannan teburin ta zo da biro. Masu son gabatarwa su ba sakatare sunansu kafin ƙarshen wata don a haɗa kowace da babbar da za ta taya ta.

Wassalam.
Shugabar kwamitin jonal kulob, a madadin 'yan kwamiti.