Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Batun 'Ya'yan Lidon 'Yan Aji Biyar

Assalamu alaikum, iyayenmu masu daraja.

Ƙorafi ya iso ofishina cewa wasu sun ƙwace 'ya'yan lido daga hannun yara, wai makaranta ta fara koyar da caca. Da an tambaye mu kafin a yanke hukunci, da ya fi. Aikin lissafi ne na wannan zango, babu kuɗi a cikinsa, kuma darasin yiwuwa, wato lissafin damar faruwar abu, yana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO.

Kowane ɗalibi zai jefa 'ya'yan lido biyu sau 180, yana rubuta jimillar lambobin da suka fito a sama. Jimillar ba ta gaza 2, ba ta wuce 12, shi ya sa yara ke ɗauka duk damarsu ɗaya ce. Kafin ya fara jifa, sai ya zana jadawali mai gida shida a tsaye da shida a kwance, gida 36 ke nan. A nan zai ga 7 tana da hanya shida: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, sai kuma juyinsu. Ita kuwa 2 hanyarta ɗaya tak, haka ma 12. Saboda haka a jifa 180 ana sa ran 7 ta fito wajen sau 30, 2 kuma wajen sau 5.

Don Allah a saya musu masu launi daban-daban. Idan launin ɗaya ne, yaro kan lissafa 3 da 4 tare da 4 da 3 a matsayin abu guda, sai gidajensa su tsaya a 21, lissafin duka ya rushe.

Yayyen da ke cike wa ƙannensu takarda a zaune, muna gane aikinku. Jifan gaskiya ba ya faɗawa daidai wa daida. Wanda 7 ta fito masa sau 26 ko 34 bai yi kuskure ba, amma wanda ya kawo 30 cif da 5 cif, kowane gida ya dace da jadawali, zai sake jifan a gabana. Sai mun haɗa sakamakon ajin gaba ɗaya sannan alƙaluman za su matso kusa da abin da jadawali ya nuna. Malamar lissafinsu ce ta tsara wannan, har da zaman bayan tashi ba tare da an roƙe ta ba. Allah Ya saka mata da alheri.

'Yan aji biyu kuma zanen hula za su kwafa a takarda mai gida-gida, su gano inda yake maimaita kansa. Aron hular Baba kawai muke roƙo.

Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu. Ƙofa kuma ana rufe ta ƙarfe takwas.

Wassalam,
Shugaban Makaranta