Wasiƙa kan inda aikin gininka ya kwana

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yara duka. Na ga saƙonka na daren Juma'a, inda kake tambaya ko an zuba dekin kamar yadda muka tsara. Ba a zuba ba tukuna. Mun yi baya da sati biyar, kuma na ga gara in zauna in rubuta maka dalili a tsanake, ka riƙe takardar a hannunka, da mu yi ta a waya ana katsewa.

Ga abin da ke tsaye a filin yau. An gama fandisho, an yi ciko an daddaɓe shi, an shimfiɗa leda, an zuba kankaren daɓen ƙasa. Bulon hawa na ƙasa ya kai linta ko'ina, an zuba lintar, ginshiƙai 14 duk suna tsaye. Kafintoci sun ci rabin katakon dekin, masu rodi kuma sun gama lanƙwasa na bim. Hotunan da zan turo maka gobe za su nuna maka wannan, don haka ba zan ja shi ba.

Jinkirin kwana 35 ne, kuma gida uku ya rabu. Kwana 6 sun tafi a fandisho. Zanen injiniya ya ce a haƙa mita 1.2, to da muka isa kusurwar baya ta gabas sai muka tarar da baƙar ƙasa mai laushi, tsohon juji ne aka binne. Sandar rodi na dasa da hannu ɗaya, ta shige kusan kamu uku ba tare da na yi wani ƙarfi ba. Injiniya ya zo ya duba, ya ce a ci gaba da haƙa har a taka ƙasa mai tauri, muka same ta a mita 1.8. Kwana 9 kuma ruwan sama ne ya cinye su, ramuka suka cika, tifa ta kasa shigowa. Waɗannan biyun babu wanda za a ɗora wa laifinsu.

Ragowar kwana 20 ɗin su ne nake son ka fahimta sosai, domin laifin a ɓangarena yake.

Ginshiƙan nan kwana biyu muka yi muna zuba su, tara ranar farko, biyar washegari. Duk ranar da za mu zuba kankare mai ɗaukar nauyi, nakan sa a ɗibi samfuri a cika wasu ƙananan akwatunan ƙarfe, kowanne milimita 150 tsawo da faɗi da zurfi. Idan ya daskare sai a jiƙa shi a ruwa, a kai ɗakin gwaji, inji ya matse shi har ya fashe, a rubuta ƙarfin da ya jure. Injiniya ya tsara gidanka a kan kankare mai ƙarfin 25, kuma kankare ba ya kai wannan lambar sai ya cika kwana 28. Amma a kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku, wato 16 zuwa 17, shi ya sa ake fasa wasu a ranar don a san inda aka dosa. Samfurin ranar farko ya ba da 18. Na rana ta biyu ya ba da 11. In ka bi lissafin, kankaren da ya ba da 11 a mako guda da wuya ya wuce 17 a ƙarshe, ga shi kuma bene guda da rufi za su zauna a kansa.

Da sakamakon ya fito na koma na duba ginshiƙai biyar ɗin da kyau. A ido lafiyarsu ƙalau, sumul, har sun fi na ranar farko kyan gani. Amma da na karta ƙusa a jikin ɗaya sai gari ya zubo mini a tafin hannu, na karta a na ranar farko ƙusar ta zame ba ta bar komai ba. Injiniya ya zo da gudumarsa ta gwaji ya bubbuga su, ya samu abin da ɗakin gwaji ya samu.

Na bi sawu na gano abin da ya faru. A daren da ke tsakanin zubi biyun an yi ruwa, yashi ya jiƙe sharkaf. Buhun siminti mai kilo 50 ruwan da yake so bai wuce lita 25 ba, har da wanda ke jikin yashin. Masu kwaɓi ba su rage komai ba, suka ma ƙara, saboda kankare mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin ɗauka a kwanon sarki, ya fi saurin bin tsakanin rodi. Ruwan da ya yi yawa idan ya bushe sai ya bar ƙananan ƙofofi a cikin kankaren, ƙarfinsa ya tafi. Ga kuma tifar yashin da aka sauke ranar, ba daga inda muka saba saya ba ce. Na zuba shi a kwalba da ruwa, na girgiza, na ajiye ya kwanta. A kan yashi mai tsayin santimita 10 sai ga laka ta fi santimita 1, kusan ninki biyu na abin da injiniya yake yarda da shi. Ni kuwa a safiyar na tafi karɓo rodi, na bar zubin a hannun babban birkila. Bai kamata in bar wurin ba.

An ba ni shawarar a yi wa ginshiƙan riga, wato a ƙara musu rodi da kankare ta waje. Hanya ce da ake bi, amma takan ci faɗin ɗaki, kuma biyu daga cikinsu a falo suke, su ne za su ɗauki bim mafi tsawo. Tunda babu abin da aka ɗora musu tukuna, na ce a fasa su. Aka fasa a hankali don kada rodin ya lanƙwashe, aka goge shi, aka sake kafa katako, aka zuba ina tsaye da bokitin awo a hannuna. Samfurin kwana 7 ya ba da 19. Sai aka mayar da bulon da aka cire a gefensu. Siminti da yashi da tsakuwa da kuɗin ma'aikata na wannan gyaran duk daga aljihuna suka fita, ba za ka gan su a lissafinka ba, kuma kada ka yi mini tayin raba su. Amana ka ba ni kana nesa, ba ka da idon da zai duba maka sai nawa.

Yanzu maganar kuɗi. Yarjejeniyarmu biya ne bisa matakin aiki, don haka jinkirin bai sa wani biya ya matso kusa ba, baya ma ya ja su. Ka biya kashi 20 cikin 100 na kama aiki, ka biya kashi 20 da aka gama fandisho, 40 ke nan, kuma rasit na kowane saye yana cikin fayil. Abu ɗaya ne ya ƙaru a kanka, shi ne zurfin fandishon nan, domin ƙasar filin ce ta jawo shi. Ƙarin haƙa da bulo da kankare ya kama kashi 1.5 cikin 100 na jimillar kwangilar. Na rubuta shi a takarda daban, injiniya ya sa hannu a kan awon, zan haɗo maka da hotunan ramin. Ka duba, in akwai abin da bai gamsar da kai ba ka tambaye ni kafin ka biya.

Na gaba shi ne kashi 25 na dekin. A takarda sai an gama zubi za ka biya shi, amma ina roƙon ka raba shi biyu, 15 yanzu, 10 bayan zubi. Dalilina shi ne dekin ba ya son a yi masa guntu-guntu. Faɗinsa murabba'in mita 120 ne, kaurinsa milimita 150, idan aka haɗa da bim da matakala kankaren zai kai kubik mita 22. A buhu 7 kowace mita, siminti buhu 154 ke nan, zan sayi 160 saboda abin da ke zubewa. Duk wannan a yini ɗaya ake so ya shiga, daga asuba har a gama. In siminti ya yanke a tsakiya, wanda aka zuba ya fara daskarewa kafin sabo ya iso, wurin haɗuwarsu ba ya kama juna da kyau, kuma nan ne tsaga da yoyo suke fara fitowa bayan shekaru. Saboda haka sai komai ya sauka a fili, har da man injin kwaɓi da injin girgiza na ko-ta-kwana, kafin ranar zubi. Rodi zan fara saya. Simintin kuwa sai ana saura kwana uku ko huɗu, don a wannan damshin buhu yakan yi ƙulalai in ya daɗe a ajiye.

In kuɗin ya iso cikin makon nan, kwana 12 sun ishe mu gama katako da ɗaurin rodi da bututun wayarin, injiniya ya duba ya sa hannu, mu zuba. Daga nan za a yi ta ba shi ruwa safe da yamma, kwana 7 aƙalla, ni nakan kai 14. Turakun da suka tokare bim ba za a taɓa su ba sai bayan kwana 21. Za ka ga kamar aiki ya tsaya a lokacin, amma masu bulo za su fara hawa na sama a hankali bayan mako na farko, ba tare da an jibge bulo wuri guda a kan dekin ba. Kwanakin nan ba zan rage ko ɗaya ba don in cike gibin sati biyar. Inda zan iya ramawa shi ne wurin bulo da filasta, can ƙarin ma'aikata yana rage kwanaki ba tare da ya cuci ginin ba, ina sa ran mu dawo da sati biyu.

Sauran biyan suna nan yadda muka rubuta: kashi 20 idan hawa na sama ya kai linta aka ɗora rufi, wajen wata biyu bayan zubi, kashi 10 bayan filasta, sai kashi 5 da za ka riƙe har wata shida bayan na miƙa maka makulli, saboda duk wata tsaga ko yoyo da za ta bayyana.

Akwai abu biyu da nake jira daga gare ka kafin ranar zubi. Ka ce uwargida tana son a mayar da banɗakin babban ɗakin sama zuwa ɓangaren yamma. In haka ne, yanzu ne lokacinsa, domin bututun ruwa ta cikin dekin zai ratsa, kuma ba na son a zo a fasa kankare daga baya a yanke rodi. Sannan ku zauna da zanen falo da na turo, ku yi alama a inda kuke son fitilu da fanka, tunda su ma bututunsu a ciki za a binne. Ka ba ni amsar duka biyun kafin Alhamis mai zuwa.

Ranar zubi zan kira ka ta bidiyo tun da asuba, ka ga rodin da idonka kafin kankare ya rufe shi.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa ka shiga gidan nan da ƙafar dama.

Naka,
Amininka mai kula da ginin