Zuwa ga mai tambaya kan shekarun da jari zai yi kafin ya dawo

"Zan sayi firji na 600,000 in sa a shagona, ina sa ran zai riƙa kawo 200,000 a shekara. Na lissafa shekara 3 kuɗina sun dawo, wani kuma ya ce sai na yi wa kuɗin rangwame tukuna. Wanne ne daidai, kuma me kowanne ya bari a baya?"

Assalamu alaikum, Malam.

Lissafinka bai ɓaci ba, 600,000 a raba da 200,000 shekara 3 ne. Amma ka fara tabbatar da cewa 200,000 ɗin tsabar kuɗin da ke saura a hannu ne bayan ka cire kuɗin wuta, gyara da kayan da suka lalace, ba cinikin da firjin ya jawo ba. Haka kuma kayan da za ka fara cika shi da su jari ne, ka haɗa su da kuɗin saye. Masu shago da dama a nan suke zamewa tun kafin a zo batun rangwame.

Abin da wannan lissafi ya manta shi ne lokaci. Ya ɗauki 200,000 na shekara ta uku daidai da 200,000 na yau, alhali da kuɗin suna hannunka yau da ka juya su sun haihu. Mai maganar rangwame wannan yake nufi. Za ka zaɓi kason da kuɗinka ke kawowa a shekara idan ka sa su wani wuri mai irin wannan haɗari, mu ce kashi 15 cikin ɗari. Sai ka raba kuɗin shekarar farko da 1.15, ya zama kusan 173,900. Na shekara ta biyu ka raba da 1.15 sau biyu, ya zama 151,200, na uku kuma sau uku, 131,500. Ka tara su: 456,600. Wato a ranar da kake murnar jari ya dawo, a darajar kuɗin yau da sauran kusan 143,400. Shekara ta huɗu ta kawo 114,400, har yanzu da saura 29,000, sai an ci kusan wata uku da rabi cikin ta biyar gurbin zai cike.

Wannan bambancin ba na takarda kawai ba ne. Idan firjin ya mutu a ƙarshen shekara ta huɗu, lissafin farko zai ce ka samu ribar 200,000, na biyun kuma ya ce ba ka ma maido abin da ka zuba ba. Ni na biyun nake bi, domin shi ne ya san kuɗi suna da wani aikin da za su iya yi.

Sai dai shi ma yana da makanta, kuma irin ta na farkon ce: da zarar jari ya dawo, ya rufe littafi. Mu ce da kuɗin nan za ka iya ɗaukar wata harka da za ta ba ka 350,000 a shekara, amma shekara 3 kacal ta ƙare. Ko da rangwame, za ta maido jari cikin shekara 2 da 'yan makonni, ta tsere wa firji nesa ba kusa ba. To amma idan firjin ya yi shekara 8 yana aiki, ka yi wa dukkan shekarun rangwame ka cire 600,000, za ka ga rarar kusan 297,000, ita kuwa mai saurin rarar kusan 199,000. Duk lissafin biyu sun nuna maka mai sauri, alhali firjin ya fi tsoka. Ba su kuma kula da abin da za ka samu idan ka sayar da shi a ƙarshe.

Akwai wani rauni da mai rangwame kaɗai ke da shi: amsarsa tana rataye a wuyan kason da ka zaɓa. Ka sa kashi 10, jari ya dawo kafin shekara 4. Ka sa kashi 34, ba zai taɓa dawowa ba ko firjin zai yi shekara ɗari, tunda abin da yake kawowa a shekara kashi ɗaya bisa uku ne na kuɗinsa. Saboda haka ka gwada da kaso biyu ko uku. Idan kuma rance ka ci kuma da kason ruwan ka yi rangwame, kada ka sake cire ruwan daga 200,000, ka ci kanka tara sau biyu ke nan.

Shawarata, ka tambayi masu gyara shekara nawa irin wannan firji ke yi, ka duba sauran wa'adin hayar shagonka. Idan ɗayansu bai kai shekara 5 ba, ka dakata da sayen. Idan dukansu sun zarce, ka ci gaba da rangwamen har shekarar ƙarshe, ka kwatanta rarar da ta ɗaya harkar kafin ka biya.

Wassalam.