Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Manoma: Lissafin Masarar Bana

Assalamu alaikum, 'yan uwa maza da mata.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, in ban da na Agusta da ruwa ya hana.

Zan fara da maganar da ta fi yawo a gari, wai masararmu buhu 113 ce, wato tan 11.3, amma aka ce tan 9 da ɗoriya ne kawai, to ina sauran? Ba wanda ya ci ko tiya ɗaya. Gonaki uku muka noma, mutum uku suka riƙe rubutu, kowa da ranar da ya rubuta nasa. Wanda ya tara lambobin nan kai tsaye dole ya ɓata.

Gonar bakin rafi an rubuta ta ranar 12 ga Oktoba, buhu 42, kowanne kilo 100. Sai dai ranar aka gama ɓare ta, ba ta gama shan rana ba. Malamin gona ya sa na'urar gwada danshi ta nuna 20 cikin ɗari, alhali masarar ajiya sai ta sauko wajen 13. Lissafin shi ne a cire 20 daga 100, saura 80, a cire 13 daga 100, saura 87. Sai a ninka kilo 4,200 da 80 a raba da 87, ya ba da kilo 3,862. Kilo 338 ɗin nan ruwa ne, rana ta shanye shi da muka sake shanya ta a kan tamfol. Da mun ɗinke buhunan a yadda suke, da yanzu fumfuna muke wa kuka.

Gonar tudu an rubuta ta ranar 20 ga Nuwamba, a bushe, buhu 35. Nan matsala biyu ce. Buhunan ba su cika ba, da aka ɗora su a sikeli kowanne ya tsaya wajen kilo 92. Sannan kafin ranar rubutun an riga an ba masu karya masara buhu 3 na ladansu, ba a sa a littafi ba. Abin da gonar ta bayar ke nan buhu 38, kilo 3,496.

Ƙaramar gonar bayan makaranta buhu 18 ce cif, kilo 1,800. An rubuta ta a gona ranar 2 ga Nuwamba, aka sake rubuta ta ranar 9 da aka shigar da ita sito, ba a nuna cewa kaya ɗaya ne ba. Ni ma sai da na ga lambar ta maimaitu, na ƙirga buhunan da hannuna, sannan na gane.

Buhu 42 da 35 da 18 sau biyu su ne suka ba da 113 ɗin nan. Jimlar gaskiya kuwa kilo 9,158 ce, wato tan 9 da kilo 158. Da buhu mai kilo 100, buhu 91 da rabi da 'yan kai. In an cire ladan ma'aikata, kilo 276, lissafi ya ce a tarar da kilo 8,882 a sito.

Ranar awo ta farkon Disamba ita ce abin alfaharinmu a bana. Tun bayan sallar asuba matasa suka fara fito da buhuna, aka rataya sikelin aro a reshen darbejiya, kowane buhu aka auna sai a rubuta masa lamba da nauyi a jikinsa. Iyayenmu mata suka zauna da faifai suna duba ƙwari, suka kuma ciyar da kowa da dambu. Mai ajiyar kuɗi yana rubutu, ni ina rubutu daban, la'asar ta yi muka haɗa littattafan biyu a gaban jama'a. Sikeli ya ba da kilo 8,870, bambancin kilo 12 kacal da lissafi, abin da zuba da ɓera kan ci. Dattijon da ya fi kowa tuhumarmu shi ya fara miƙo mini hannu. Allah Ya saka wa duk wanda ya zo da alheri.

Rufin sito kuwa bai kammalu ba, sikelin kanmu ma ba mu saya ba, kuma kada a ɗora wa kwamiti. Cikin mambobi 46, mutum 19 ne suka biya kuɗin wata cikakke. Na bi gida-gida har na gaji, wani sau huɗu na je ƙofarsa. Abin da ya shigo taki da kuɗin tarakta suka cinye. Abin da ya fi ƙona mini rai, waɗanda ba su biya ba, ba su zo shuka ba, ba su zo awo ba, su ne suka fi yaɗa maganar buhu 113.

Kwamiti ya yanke cewa daga baɗi littafi ɗaya za a riƙe. Kowane rubutu sai da kwanan wata, sunan gona, nauyi a kilo, da bayanin ɗanya ce ko busasshiya, kuma duk buhun da ya fita a rubuta shi a ranar. Wanda ake bi bashi ya biya kafin taron Janairu, domin a ranar za a yi rabo, kuma za a cire bashin kowa daga kasonsa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya