Roƙon Tallafi Domin Naɗar Harshen Gunganci a Ƙasar Yauri

Assalamu alaikum iyayenmu, sarakunanmu da 'yan uwa na gida da na nesa.

Kwamitin makarantarmu ne ke neman taimakonku domin naɗar harshen Gunganci, wanda masu shi ke kira Tsureshe, tun dattawan da suka taso a tsibiran Kwara kafin ruwan madatsar Kainji ya tashe su a 1968 suna raye.

Wasu kan ce ai Gungawa suna da yawa, harshensu ba zai ɓace ba. Yawan jama'a ba shi ne babban ma'auni ba. A 2003 masanan UNESCO sun fitar da abubuwa 9 da ake dubawa domin gane ko harshe yana cikin haɗarin ɓacewa, na farkonsu shi ne: yara suna tashi da harshen a gida? A duba gida ɗaya. Kaka tana Gunganci tsantsa, uwa tana yi da kaka amma Hausa take wa 'ya'yanta, yaran kuma gaisuwa kaɗai suka iya. Idan haka gidaje da dama suke, harshen ya shiga haɗari tabbas. Ranar da ya rage sai kakanni, haɗarin ya tsananta. Damakawa na ƙasar Sakaba sun koma Dakarci, 'yan kalmomi ne kawai suka saura a bakin tsofaffinsu. Shi ya sa za mu fara da bin gida-gida, muna saurare, domin ana samun wanda zai ce ya iya saboda kunya.

Naɗar kuwa ba jera kalmomi a littafi ba ne. Sai an ɗauki murya da hoton mutane suna hira, suna tatsuniya, waƙar biki, cinikin kifi, maza da mata, manya da matasa. Sannan a rubuta kowace jimla yadda aka faɗe ta har da hawa da saukar murya, a fassara ta da Hausa. Nan wahalar take: magana ta minti ɗaya kan ci kusan awa guda. Kowane faifai kuma sai an rubuta wanda ya yi maganar, shekarunsa, ƙauyensu, ranar ɗauka da amincewarsa. In babu wannan, nan da shekara 20 ba wanda zai san muryar wa yake ji. Daga waɗannan ne ƙamus da nahawu za su fito.

Kuɗin za su tafi ga na'urar naɗar murya mai ajiye WAV, wato tsarin da ba ya matse sauti, domin saƙon muryar waya yana matse sauti, da ma'ajiyar faifai guda 2 da za a ajiye a wurare daban, kuɗin kwale-kwale, alawus ɗin matasa masu rubutawa, da goron dattawa.

Mai gudummawa ya kai wa ma'ajin kwamiti a makaranta, ya karɓi rasit. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa mai jin harshen sosai, don Allah ya sanar da mu. Allah ya saka da alheri.

Kwamitin Makaranta