Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Muka Kwana Kan Neman Tallafin Oksijin Na Ɗakin Yara

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, da fatan kowa na lafiya da iyali. Bana dai kusan duk ƙarfin kwamiti a kan abu ɗaya ya ƙare, wato takardar neman tallafin da muka rubuta don ɗakin yara na asibitin gunduma, sauran ayyukan irin su ziyarar marasa lafiya da gangamin ba da jini an yi su kamar kullum, ba zan ja ku a kansu ba.

Takardar farko da muka rubuta gaskiya lissafin kaya ce kawai, injin samar da oksijin wato konsantireta kaza, na'urar auna oksijin a jini wato oksimita kaza, sai sa hannu. Da muka kai wa shugabar nas-nas ta ɗakin ta duba, tambaya ɗaya ta yi mana, in wuta ta ɗauke ƙarfe biyun dare fa? Nan jikinmu ya yi sanyi. Ita konsantireta ba silinda ba ce da ke ajiye iska, iskar ɗaki take zuƙa ta tace naitirojin ta ba da oksijin a take, wuta na ɗaukewa ta tsaya, yaron da ke kanta shi ke nan an yanke masa. Dole muka koma muka sake rubutu tun daga tushe.

Ga yadda muka yi lissafin a karo na biyu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaron da oksimita ta nuna SpO2 ɗinsa, wato yawan oksijin da ke jininsa, ƙasa da kashi 90 cikin 100 a sa masa oksijin, kuma ta robar hanci jariri sabon haihuwa na shan rabin lita zuwa lita 1 a minti, ɗan ƙasa da shekara lita 1 zuwa 2. To inji mai ba da lita 5 a minti, in aka haɗa masa na'urar raba iska, ba yaro ɗaya zai ɗauka ba. Mun buga misali a takardar: jariri kan rabin lita, yara biyu masu limoniya kan lita ɗai-ɗai, wani kan lita 2, duka lita 4 da rabi ke nan, inji ɗaya ya riƙe yara huɗu. Amma fa in injin nan ya tsaya su huɗun ne a lokaci guda, shi ya sa muka nemi inji uku, biyu na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, da silinda a gefe.

Sai wuta. In inji na cin wat 350, a awa 24 ya ci kilowat-awa 8.4, biyu kuma kusan 17, da wannan muka auna sola da batir ɗin da muka nema, muka ƙara sitabilaiza saboda wutar da ke hawa da sauka tana ƙona kwamfuresa. Wasu a kwamiti sun ce mun kumbura kasafin, masu tallafi za su gudu, ni dai ra'ayina gara a hana mu da mu karɓi injin da bayan wata shida zai koma sito ƙura na cinsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne inji na iya yin ƙara yana hura iska kamar lafiya lau alhali oksijin ɗin ya ragu, in danshi ya ɓata sinadarin tacewar da ke ciki. Da ido ba a ganewa, sai da na'urar auna ƙarfin oksijin, in ta nuna ƙasa da kashi 82 cikin 100 injin na buƙatar gyara. Mun sa na'urar a kasafi, da filta na canji, da horar da teknishan ɗin asibitin. Filtar waje kuma wanki take so duk sati.

Oksimita kuwa mun cire irin 'yar ƙaramar nan ta maƙalawa a yatsan manya, a yatsan jariri lambar ƙarya take bayarwa ko ta ƙi karantawa sam. Mun nemi ta riƙewa a hannu mai wayar naɗawa a ƙafar jariri, da wayoyi na canji masu yawa don su ke fara lalacewa. Ta nan ne kuma za a san lokacin rage oksijin, musamman ga bakwaini, don in ya yi masa yawa yana iya taɓa masa ido.

Takarda dai an miƙa, masu tallafin sun dawo mana da tambaya kan wa zai riƙa sayen kayan gyara in tallafi ya ƙare. Muna jiran hukumar asibiti ta ba mu wannan alkawari a rubuce, sannan a taro mai zuwa za mu kawo shawarar ƙungiya ta ɗauki nauyin filta da robar hanci, don Allah a zo a kan lokaci saboda sai an kaɗa ƙuri'a.

Sakataren ƙungiya